Kuɗin Tsakar Dare

'Yan uwana mata, wannan magana da ke nake, ke mai kitso da mai ƙunshi, ke mai ɗinki a ɗaka, da ire-irena da muke cin abinci da alƙalami, waɗanda ba mu da albashin ƙarshen wata balle wani ofis da zai biya mana kuɗin asibiti.

Wani daren damina, wajen ƙarfe biyu, 'yata ta fari ta tashi tana murƙususu da ciwon ciki. Da muka je asibiti likita ya danna gefen damanta ta saki ƙara, ya ce aiki za a yi, a ajiye kuɗi. A lokacin ba za a ce ba ni da komai ba. Ina cikin adashi mai kauri, amma kwasata sai nan da wata uku. Ina bin masu shagon littattafai bashi, amma kin san halin kasuwa, sai littafi ya fita suke biya. Gari na wayewa na cire 'yan kunnen gwal ɗin da mahaifiyata ta ba ni, na aika da su kasuwa. Mai saye ya ga gaggawa a fuskar ɗan aike, ya taya yadda ya ga dama, muka sallama. Yarinya ta warke, alhamdu lillahi, amma har yau in na tuna 'yan kunnen nan sai raina ya sosu.

A kan bencin asibitin nan na gane cewa adashi ba kuɗin ko-ta-kwana ba ne. Adashi yana da rana, ita kuwa lalura ba ta duba layin kwasa. Kuma ko kina kwance, uwar adashi za ta aiko karɓar zubi. Haka akuya da gwal da atamfar cikin akwati, dukiya ce, amma ba a biyan ma'ajin asibiti da su da tsakar dare.

Da muka dawo gida na ɗauki biro na rubuta abin da gidana ba zai iya kwana babu shi ba a wata guda, ban da anko, ban da gudummawar biki. Abinci naira 70,000. Gawayi da ruwa da wuta 15,000. Kuɗin mota da katin waya 10,000. Haya 180,000 ce a shekara, na raba gida 12 ta zama 15,000. Makarantar yara ta kama 10,000 a wata. Jimla 120,000. Ke naki zai bambanta, amma ki rubuta shi da gaskiya. Burina shi ne in tara na wata uku, wato 360,000, saboda mai sana'ar hannu in ta kwanta ciwo asara biyu take yi, kuɗi na fita kuma babu mai shigowa.

Da na ga wannan adadi sai gabana ya faɗi, don haka na fara da ƙarami, 30,000 tsaba a gida, a inda ni kaɗai na sani. Wannan shi ne na A Daidaita Sahu, da yankar kati, da gwajin jini, da ledar ruwa. Duk wadda ta ga wahalar ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, lokacin canjin naira, ta san mutum zai iya samun kuɗi a banki ya rasa na mota. Sauran kuma na buɗe musu asusu daban a banki, ba wanda masu saye suke turo mini kuɗi ba, don kada in riƙa ganinsu kullum ido ya yi sha'awa. Mai gudun kuɗin ruwa, akwai bankunan da ba sa mu'amala da shi. Abin lura shi ne wurin ya zama mai lasisi, wanda hukumar inshorar ajiya ta ƙasa take tsaya wa. A 2024 ta ɗaga abin da take biyan mai ajiya in banki ya durƙushe zuwa naira miliyan 5 a manyan bankuna, miliyan 2 a ƙananan bankunan al'umma. Wanda ya ce ki kawo ya ninka miki a wata biyu kuwa, ki yi masa fatan alheri ki wuce.

Da farko na ce zan riƙa ajiye 20,000 duk wata. Wata na biyu na karya alkawari, don watan nan 40,000 kacal na samu. Sai na canza. Duk kuɗin da ya shigo, na fara ware jarin bugun littafi na gaba, don wannan ba nawa ba ne. Abin da ya rage in cire ɗaya bisa goma a ranar, kafin cefane. Watan 40,000 na ajiye 4,000 ban ji kunya ba. Watan da sabon littafi ya fito na samu 250,000, na cire ɗaya bisa biyar, 50,000. Shekara ɗaya da wata huɗu na kai na wata biyu. Kuma duk shekara sai na sake lissafin, tunda a 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100, abin da ya isa wata uku bara ba lallai ya isa bana ba.

To amma aiki guda a asibiti zai iya lashe wannan tarin duka, shi ya sa na nemi katin lafiya. Da can ina ɗauka na ma'aikatan gwamnati ne kawai. Ashe dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta haɗa da kowa, kuma mai zaman kanta tana iya biya wa kanta da 'ya'yanta, ko a tsarin tarayya ko na jiha. Mu a Kano akwai hukumar taimakekeniyar lafiya, wadda za ki ga an rubuta KSCHMA a allonta. Kuɗin shekara ake biya a kan kowane mutum, kuma yana canzawa, don haka ki tambayi na bana a ofishinsu, ki karɓi rasit.

Kafin ki sa hannu ki tambayi kwana nawa ake jira kafin kati ya fara aiki, don ba ranar da kika biya yake soma ci ba. Mai ciki kada ta bari sai wata tara. Za a ce ki zaɓi asibiti guda, ki zaɓi wanda za ki iya kaiwa da dare, ba mai kyan fenti a can ƙarshen gari ba. In ciwo ya fi ƙarfinsu su ne za su tura ki gaba da takarda, in kika tafi da kanki alhali ba gaggawa ba ce, aljihunki ne zai biya. Zazzaɓi, awo, haihuwa da magungunan yau da kullum suna ciki, amma manyan cututtuka irin wankin ƙoda da ciwon daji ba a ɗauke su gaba ɗaya. Wani lokacin kuma a ce maganin ya ƙare, ki saya a waje. Nan 30,000 ɗin nan take amfani.

Adashin ma ban bar shi ba, aiki na canza masa. Na roƙi uwar adashinmu ta sa kwasata wata ɗaya kafin katinmu ya ƙare. Ranar da na kwasa, kafin in shiga kasuwa, nake zuwa in sabunta nawa da na yaran nan uku, abin da ya yi saura in sayi atamfa.