Ɗan Ikko Bai Manta Gida Ba, Amma Wa Ke Tuna Masa?

Yau ina so in taɓo wani aiki da ake yi a gidajenmu wanda ba shi da suna ballantana albashi, wato aikin riƙe lissafin mutane a ka: wa ya haihu, wa ya rasu, wa ke fushi da wa, bikin wa ya matso, maganin wa ya kusa ƙarewa. A yawancin gidajen da na sani daga Agege zuwa Apapa mutum ɗaya ne ke ɗauke da wannan kaya, ɗayan kuma nasa shi ne ya ji an gama ya ce madalla.

Da gidan yayata zan ba da misali, don shi na fi sani. A Agege aka haife mu, inda Baba ke da rumfar hatsi. Mijinta mutumin Funtuwa ne, ɗan kamasho ne na manyan motocin da ke ɗaukar kaya daga tashar jiragen ruwa ta Apapa da ta Tinkan zuwa Arewa, suna haya a wajen Marin Bic. Tun farko in faɗa, mutumin kirki ne. Ba ya zagi, ba ya hana cefane, Yaya ba ta taɓa yin yaji ba. Shi ya sa ma abin ke da wuyar faɗa, don in ka kai ƙara za a tambaye ka, to me ya yi? Amsar kuwa ita ce bai yi komai ba, kuma matsalar ke nan.

Ga yadda bikin autar gidansu ya gudana a farkon watan Maris na 2023, makonni kaɗan kafin azumi. Mahaifinsu ya rasu, don haka kayan ɗakin amarya a wuyan shi da wansa suke. To ga shi a lokacin sun yi wata takwas ba sa ga maciji, saboda wan ya ba da gonar gado jingina bai shawarce shi ba. Ko waya ba sa yi.

Tun watan Disamba Yaya ta hango abin. Ta ji a muryar surukarta Hajiya cewa an kusa sa rana, tun ba a faɗa ba. Sai ta shiga adashen dubu biyar-biyar duk mako da matan layinsu, ta roƙi uwar adashe a ba ta kwasar ƙarshen Janairu. Sannan ta ɗauko littafin biki. Wanda bai san shi ba, wani tsohon littafin makaranta ne da take rubuta duk abin da aka kawo mata ranar suna ko biki, da sunan wadda ta kawo. A ciki ta ga cewa lokacin da ta haifi ɗanta na fari, faccalarta, wato matar wan mijin, ta aiko da turmin atamfa da dubu goma. A al'adar biki ba a mayar da daidai abin da aka kawo, sai an ɗora wani abu a kai, in ba haka ba an yanke zumunci a fakaice. Mijinta bai san da wannan bashi ba, alhali da sunan gidansa aka ci shi.

Sai maganar sulhu, wadda ta fi komai cin rai. Yaya ba ta isa ta kira wan mijinta ta ce ku shirya ba, wannan rashin kunya ne. Ta faccalarta ta bi. Duk Juma'a sai ta kira ta, a yi hirar yara da tsadar masara, a ƙarshe ta ce, "Baban Abba ya ce a gaida Yaya Babba." Bai ce ba. Can ma matar ta dawo mata da gaisuwar da wataƙila ba a aiko ba. Da dare in ya ci abinci ya miƙe ƙafa, sai ta ce masa, "Yaya Babba na gaishe ka, wai yana ta fama da ƙafa." Ya yi shiru. Haka mata biyu suka yi ta jigilar gaisuwa tsakanin Apapa da Funtuwa har mako shida, kafin ranar da ta miƙa masa waya tana ringin ta ce, "Ga shi nan, don Allah ko sannu ce ka yi masa." Minti uku suka yi, aka raba kayan ɗaki: gado da katifa na wan, kujeru da kayan kicin nasa.

Kun tuna halin da ake ciki a lokacin. Babban Bankin Nijeriya ya sauya takardun naira 200 da 500 da 1000, a watan Fabrairu tsabar kuɗi ta zama kamar zinariya, masu POS suna yankar abin da suka ga dama, in ka tura kuɗi ta waya kuma sai ya maƙale a hanya. Kafintan da zai yi kujeru a Funtuwa ya ce shi sai tsaba. Yaya ce ta tuna cewa akwai wani abokin cinikin Baba da ke kawo hatsi daga can. Aka tura masa ta banki a nan, yaronsa ya kai wa kafinta tsaba a can. Ita ta shiga kasuwar Balogun ta sayo atamfofi, ita ta ƙulle su a buhu ta rubuta sunan kowa a jikin nasa, har da wata gwaggo da ake yawan mantawa da ita kuma ba ta yafewa. Ita ta tuna masa sau uku ya yi wa direban da zai tashi zuwa Katsina magana. Da kayan suka yi kwana huɗu ba labari, ita ta kasa barci.

Nasa aikin fa? Ya ba da kuɗin kujeru, kuma kuɗi ne masu yawa, ba na raina su. In ta kawo masa zaɓi biyu ya ce a yi na farko. Ya je ɗaurin aure ya dawo yana ba mu labari cewa Hajiya har da hawaye, tana cewa ɗan Ikko bai manta gida ba, ko gwaggonsa bai manta ba.

Wata mai bincike a Amurka, Allison Daminger, ta yi hira da ma'aurata gida 35, ta fitar da sakamakon a 2019. Ta kasa irin wannan aikin kai kashi huɗu: hango buƙata tun ba ta zo ba, nemo hanyoyin biyanta, yanke shawara, sai bibiya har a ga an yi. Ta samu cewa hangowa da bibiya sun fi faɗawa kan mata, amma wajen yanke shawara maza ba a barin su a baya. Da na ji haka sai na yi dariya, na ce ashe har Amurka an san Baban Abba. Yanke shawara shi ne wanda ake gani, shi ne na minti biyu, kuma shi ake yi wa godiya.

Abin da ya sa na ce namu na Kurmi ya fi nauyi shi ne, a gida wannan kaya mutane da yawa ke tallabe shi. Akwai uwar miji, akwai gwaggo, akwai tsohuwar da in an yi rasuwa a unguwa za ta leƙo ta ce ku tashi mu je gaisuwa. A nan duk waɗannan mutane sun taru sun zama mace ɗaya da wayarta. An ce zumunci a ƙafa yake, to namu ya koma a katin waya, kuma daga kuɗin cefane ake tsakurar na katin. Ga kuma ƙari: Yaya haihuwar Agege ce, tana jin Yarabanci kamar Hausa, shi kuwa daga gaisuwa sai Turancin buroka. Don haka duk rigimar gidan haya, ta kuɗin wuta ce ko ta layin ɗiban ruwa ko yaro ya bugi ɗan maƙwabta, ita ake turawa wajen mai gidan, wata dattijuwar Bayarabiya, ta durƙusa ta ba da haƙuri.

Za a ce ai yana fita nema, kuma gaskiya ne. Wanda ya ga cunkoson Apapa kafin a kawo tsarin Eto na kiran motoci a 2021, lokacin da tirela ke kwana da kwanaki a kan gadar Ijora, ya san ba wasa ba ne. Amma uzurin da ba na karɓa shi ne wai shi mai mantuwa ne. Mutumin nan yana riƙe da lambar mota fiye da ashirin a ka. Ya san direban da matarsa ta haihu, ya san jami'in da ba a yi masa magana kafin ya karya kumallo, ya san yadda ake lallashin mai kaya in kwantena ta makara. Duk abin da Yaya ke yi a gida ya iya shi, a bakin tasha yake yin sa kullum. In ya dawo ne yake ajiye shi a ƙofa tare da takalmi.

In kana so ka gane ko gida na cikin wannan hali, saurari kalma ɗaya: "Ai da kin tuna mini." Mai faɗin haka yana ganin ya nuna sauƙin kai ne, alhali ya tabbatar da cewa tunawar ba aikinsa ba ce. Hanya ta biyu ita ce mai ɗauke da kayan ta gusa na ɗan lokaci. A 2024 Yaya ta dawo Agege wankan jego na kwana arba'in. Cikin kwanakin nan kawunsa ya rasu a Bakori, ya ji, ya yi salati, ya ce zai kira, sai da aka yi sadakar bakwai bai kira ba. Maganin hawan jinin Hajiya ya ƙare, ta yi kwana tara ba ta sha ba, don ita ba za ta buɗe baki ta roƙi ɗanta ba, shi kuma bai san cewa duk ranar 25 ga wata ake tura kuɗin ba. Da aka kwantar da ita a asibiti, abin da dangi suka fara tambaya shi ne, ina matarsa take?

Wannan tambaya ce ta sa Yaya kuka, tana jego, jariri ko wata bai yi ba. Inna ta ce mata, "Yi haƙuri 'yar nan, haka muka yi da ubanku." Baba yana tsakar gida yana ji, bai tanka ba. Amma da surukin nasa ya zo ranar Lahadi, sai ya ja shi zaure. Abin da na jiyo kawai shi ne, "Malam, uwar nan taka ce. 'Yata taimaka maka take yi."

Tun daga nan maganar Hajiya ta koma hannunsa ɗungurungum, ba wai a tuna masa ya tura ba. Shi ke kiran mai kemis, shi ya san sunan ƙwayar da ranar komawa asibiti. Yaya ta ce wata biyun farko sai da ta riƙa danne bakinta ranar 25, tana leƙen wayarsa a ɓoye, don wanda ya saba ɗaukar kaya ko an sauke masa wuyansa ba ya miƙewa nan da nan. Sau ɗaya ya makara da kwana biyu, ta yi shiru, wansa ne ya kira shi.

Sauran kuwa suna nan inda suke. Littafin biki na ƙarƙashin katifarta, ita ke durƙusa wa mai gidan haya, kuma ranar Juma'ar da ta wuce ina zaune a ɗakin na ji tana ce wa faccalarta wai Baban Abba ya ce a gaida Yaya Babba.