Lambar da mai shago ba ya gani

'Yan uwa ɗalibai, kun san yadda gabanmu ke faɗuwa idan muka miƙa wa mai POS kati a bakin makaranta. Lamba 16 ɗin nan a fili take, duk mai ido zai iya kwafewa. Shi ya sa tsarin biya da waya, irin su Apple Pay da Google Wallet, ya burge ni.

Ranar da ka saka katinka, in bankinka ya yarda, Visa ko Mastercard za su ba wayar wata lamba ta madadi, wato tokin, su riƙe sirrin wane kati take wakilta. Idan ka kara wayar a jikin na'ura, tokin ɗin ne ke fita, tare da wani hatimin sirri na cinikin nan kaɗai. Su ne za su mayar da shi lambar asali, su tura wa banki ya cire kuɗin.

A ce katinka ya ƙare da 4821, sai ka ga 7350 a rasit. Ba kuskure ba ne, wutsiyar tokin ce. Ko an sace ta daga shagon, ba ta aiki ba tare da sabon hatimi daga wayarka ba. In wayar ta ɓata, tokin za a kashe, katinka na nan.

Amma fa a kula. Ɗan damfarar da ya samu lambar katinka da OTP zai iya buɗe tokin a tasa wayar. In saƙon saka kati ya shigo alhali ba kai ka nema ba, kira bankinka nan take.