A Kawo Mini Rahoto

A aikin ofis akwai umarnin da ya fi kowanne gajarta, kuma ya fi kowanne wahalar cikawa: "A kawo mini rahoto." Ba a faɗi a kan me ba, ba a faɗi wanda zai karanta ba, balle yawan shafi ko inda za a samo alƙaluma. Na ƙasa kuwa yana jin nauyin tambaya, kada a ce bai san aikinsa ba. Sai ya kwana yana cika takarda da tarihin wurin da yabon shugabanni. Irin wannan rahoto ba ya ɓuya: ka cire sunan wurin ka sa na wani, in komai ya zauna daidai, to ba a faɗi komai ba.

Shekarun da na yi ina koyarwa a firamare sun nuna mini cewa tambaya ɗaya ce ke buɗe sauran: wace shawara za a yanke da wannan takarda? In ka sami amsarta, batun da mai karatun da tsawon duk sun fito.

Wata Litinin hedimastanmu ya ce in rubuta rahoto a kan ajina, aji huɗu, kafin Alhamis. Na ce, "Ranka ya daɗe, don kada in yi aikin baban giwa, wa za a kai wa, kuma me zai yi da shi?"

Ya ce, "Malam, ni ma daga sama aka ce."

Na roƙi ganin takardar da ta zo daga saman. Ashe ofishin ilimi na ƙaramar hukuma ne zai raba bencina, yana son sanin inda aka fi buƙata. Nan take aikin ya tsuke. Batun shi ne wurin zama. Mai karatun jami'i ne da takardun makarantu da yawa ke jiransa, don haka shafi ɗaya ya isa, kuma buƙatar ce za ta zo a layin farko.

Saura alƙaluma, kuma a nan ake yawan zamewa. Rajistar aji tana ba da lamba iri biyu: waɗanda aka rubuta sunansu, da waɗanda ke zuwa. Ina da suna 86. Na ɗauki wata guda mai ranakun karatu 20, na haɗa yawan waɗanda suka amsa sunansu kowace safiya, jimilla ta kama 1,240. Da na raba da 20, sai ga yara 62 a rana. Benci 12 ne masu lafiya a ajin, kowanne yana ɗaukar yara uku, wato 36 ke samun wuri. Yara 26 ke nan ke zama a ƙasa kullum, suna ɗora littafi a gwiwa. Benci 9 za su ɗauke su. In kuwa da 86 aka yi lissafi, yara 50 ne ba su da wuri, ana neman benci 17.

Wace lamba zan rubuta? In na sa 17 kaɗai, ranar da mai duba makarantu ya zo ya ƙirga kawuna ya ga sittin da 'yan kai, sai ya ɗauke mu maƙaryata, gobe ko gaskiya muka kai ba za a saurare mu ba. In na sa 9 kaɗai, ranar jarrabawa da kowa ke zuwa za a koma ƙasa. Sai na sa duka biyun, kowacce da bayanin inda ta fito: 9 buƙatar gaggawa, 17 cikakkiyar buƙata. Na rubuta watan da na ɗauko lissafin, na ƙara da cewa ranar kasuwa yara sukan ragu, wanda hakan ke jawo matsakaicin ƙasa. Tarihin makaranta bai shiga ba, haka sakamakon jarrabawa, domin babu wanda zai raba benci da su.

Ba kullum ake samun takardar da za a duba ba. Wani lokaci shugaban da kansa bai gama sanin abin da yake so ba. A nan nakan rubuta masa layi biyu kafin in fara: "Na fahimci rahoton a kan kaza ne, za a kai wa wane, shafi ɗaya, daga rajistar watan jiya. In ba haka ba ne, a gyara mini." Mutum ya fi saurin gyara abin da aka ajiye a gabansa a kan ya ƙirƙiro shi, kuma in an dawo da zance daga baya, ga abin da aka amince da shi a rubuce.

Haka ɗalibin da malami ya ce wa ya rubuto rahoto. Ya tambayi darasin da ake nufi, da yawan shafi, da ko daga littafi zai ɗauko ko fita zai yi ya ƙirga. Inda kuma babu alƙaluma, kada ya cike gurbin da ƙiyasi. Ya rubuta cewa babu, ya faɗi wanda ke riƙe da su da yadda za a same su.