Kwanukan da suka gyara mana takardar godiya



Baba ya rasu daren Talata, aka kai shi makwancinsa ranar Laraba da hantsi. Da aka yi sadakar uku aka naɗe tabarmi, sai Baffanmu ya kira mu zaure ya ce, "Tunda ku ne masu rubuce-rubuce, ku rubuta takardar godiya da bangajiya." A daren muka gama. Muka fara da wakilin hakimi, muka bi da manyan da Baba ya yi aiki da su, kowa da muƙaminsa, muka rufe da jimlar nan da kowa ya sani: da sauran waɗanda ba mu samu damar ambata ba.

Da safe muka shiga muka karanta wa Umma, tana zaune kan tabarmar takaba. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Ta yi daɗi. Amma wa ya ciyar da ku kwana ukun nan?"

Shiru muka yi. Kwana uku ba a hura wuta a gidanmu ba, kuma babu baƙon da ya kwana da yunwa. Da asuba koko da ƙosai ke shigowa, da rana shinkafa da wake, da dare tuwo. Sunna ce maƙwabta suka raya, tun umarnin da Annabi (SAW) ya bayar na a dafa wa iyalan Ja'afar ɗan Abu Ɗalib abinci lokacin da ya yi shahada a Mu'uta, shekara ta 8 bayan Hijira. Mu kuwa duk mun tura su cikin "da sauransu". Wanda ya zauna minti goma ya samu layi guda, wadda ta kwana gaban murhu ba ta samu ko kalma ba.

Umma ta nuna mana madafa. Kwanuka da kuloli 17 ne a kife, kowanne da alamar gidansu a gindi, wani da jan farce, wani da fenti. Da su muka haɗa sabon jeri.

Abu na farko da muka canza shi ne tsari. Maimakon bin girman mutum, sai muka bi lokaci: daren rasuwa, safiyar jana'iza, kwanakin zaman makoki. A kowane mataki muka tambayi kanmu wa ya yi me. Nan ne muka tuna da mai a-daidaita-sahun da ya kai mu asibiti ƙarfe biyun dare, da telan da ya ɗinka likkafani, da matasan da suka haƙa kabari, da gidan da ya buɗe zaurensa baƙinmu suka kwana.

Na biyu, muka bar kiran sunan mata ɗaya-ɗaya. Wani maigidan ba ya son a karanta sunan iyalinsa a bainar jama'a, kuma a gidan da ake da kishiyoyi, kwano ɗaya na iya zama aikin hannu uku. Ka kira ɗaya, ka kunna wuta. Sai muka ambaci aikin, muka bar sunan don ziyarar gida.

Na uku, akwai abin da ba a rubutawa. Ba mu faɗi adadin kuɗin da kowa ya bayar ba, kada mai ɗan kaɗan ya ji kunya. Wanda ya biya kuɗin likkafani ya ce a rufa masa asiri, muka rufa. Waɗanda suka yi wa Baba wanka kuwa addu'a kawai muka yi musu.

Ga zuciyar takardar: "Muna godiya ga waɗanda suka fito mana da tsakar dare, da waɗanda suka suturta mahaifinmu suka raka shi. Muna godiya ga iyayenmu mata da suka bar tukunyarsu suka ɗora tamu har kwana uku. Sannunku da ɗawainiya. Wanda ke bin marigayi bashi ya tuntuɓi Baffanmu. Allah ya bar zumunci."

Aka karanta ta a masallacin unguwa bayan Magariba. Amma yawancin waɗanda suka yi girkin ba su je can ba, wasunsu ma ba sa karatun boko. Don haka ƙannenmu mata suka bi gida-gida suna mayar da kwanuka, kowanne da ɗan dabino a ciki, suna faɗin godiyar da baki.

Duk da haka mun yi mantuwa. Bayan mako biyu muka tuna da ɗan garuwan da ya riƙa cika mana randuna da butoci, ya ƙi karɓar ko sisi. Shi ba shi da kwano a madafarmu, shi ya sa jerinmu bai kama shi ba. Muka same shi a bakin famfo muka ba shi haƙuri. Ya ajiye jarkarsa ya ce, "Haba, ai Malam ya sha ba ni inuwa a ƙofar gidanku."

Allah ya jiƙan Baba da dukkan magabatanmu, ya sa idan tamu ta zo mu cika da imani.