Yaron da ya yi shekara talatin da wani abu yana ɗan shekara goma

A shekarar 1989 aka fara nuna katun ɗin Amurka mai suna The Simpsons a matsayin cikakken shiri. A lokacin yaron gidan, Bart, yana da shekara 10, ƙanwarsa Lisa tana da 8, auta Maggie kuma jaririya ce. Har yau haka suke. Mu da muke sa'annin Bart a lokacin, yanzu mun girmi babansa Homer, kuma idan 'ya'yanmu suka tambaye mu dalili, ya kamata a ce muna da amsa.

Dalili na farko, zane ba ya tsufa. A fim, yaro ɗan shekara goma kafin a ankara muryarsa ta buɗe, gemu ya fito. A katun kuwa babbar mace ce, Nancy Cartwright, take yin muryar Bart tun farko, don haka babu abin da zai tilasta a ƙara masa shekaru.

Na biyu, abin dariyar yana cikin yadda gidan yake ne: yaro mai ƙiriniya, ƙanwa mai kaifin basira, uba marar lissafi. Ƙiriniyar da ake yi wa dariya a wurin ɗan shekara goma, a wurin ɗan shekara arba'in abin takaici ce. Kuma tunda ba su canzawa, mutum zai iya kallon kowane kashi ba tare da ya ga na baya ba.

To amma masu kallo suna son ganin zamaninsu, shi ya sa wayar hannu da intanet suka shiga gidan. Dabarar marubuta ita ce su riƙe shekarun, su riƙa matsar da ranar haihuwa gaba. Bart na 1989 haihuwar 1979 ne, Bart na 2025 kuma haihuwar 2015.

A nan ne ɗinkin yake ɓallewa. Wani kashi na 1991 ya nuna Homer da matarsa Marge suna soyayya a sakandare a 1974. A wani kashi na 2021 kuma, sai ga Homer yana ɗan saurayi a shekarun 1990. Labaran biyu ba za su zama gaskiya tare ba. Haka shugaban makarantar su Bart, Skinner, an ce ya yi yaƙin Biyetnam, wanda ya ƙare a 1975. Kullum aka ƙara shekara, lissafin sai ya ƙara kwancewa.

Saboda haka idan muna son gane inda aka yi faci, mu duba duk inda aka ɗaura rayuwar ɗan katun da wani abin tarihi mai kwanan wata. Sannan mu saurari muryoyin: mai yin muryar Marge, Julie Kavner, haihuwar 1950 ce, kuma ana jin shekarun a muryarta.