Kwana Talatin Daga Yaushe?

Wata likita da ke da ƙaramin asibitin haihuwa a Zariya ta yanke shawarar rabuwa da janareto. Man dizal kaɗai yana cin kusan naira 200,000 a mako, kuma sau biyu injin yana tsayawa ana tsakiyar tiyata. Ta daidaita da wani injiniya a kan zai kafa mata farantan sola da batura da inbata a kan naira miliyan 18. Za ta ba da kashi 60 cikin ɗari kafin-alƙalami, wato miliyan 10.8, sauran miliyan 7.2 sai aiki ya kammala. Da baki komai ya tafi daidai, har sai da injiniyan ya aiko da takardar yarjejeniya mai shafi biyar cikin Turanci.

Sashe na bakwai ne ya tsayar da ita. Jimla ɗaya ce tal, amma ta cika layi tara. Idan aka juya ta zuwa Hausa ba tare da an gyara mata zama ba, ga abin da take cewa: “Ɗan kwangila zai kawo kayan ya kafa su cikin lokacin da ya dace, wanda bai wuce kwana talatin daga ranar wannan yarjejeniya ba, bisa sharaɗin karɓar kuɗin fara aiki, kuma matuƙar an shirya wurin, idan ba haka ba za a iya cire kashi ɗaya cikin ɗari a kowane mako, ba tare da tauye sauran haƙƙoƙin mai aiki ba, kuma za a gyara duk wata matsala idan an sanar, sai dai wadda rashin iya amfani ya jawo, sannan ragowar kuɗi zai zama abin biya bayan kammalawa.”

Ta karanta sau uku. Kowace kalma ta gane ta, amma da za a tambaye ta ranar da wuta za ta kama a ɗakin tiyata, ba ta da amsa. Irin wannan jimla ba lallai mugunta ce ta haife ta ba. Yawanci gado ce: an kwafo ta daga wata tsohuwar takarda, kowane mai kwafa ya liƙa mata nasa sharaɗin da waƙafi, har ta zama rigar da faci ya fi yadi yawa.

Abin da ta yi a daren nan ya yi kama da yadda take rubuta umarnin magani ga ma'aikatan jinya, inda ba a yarda a ce “a ba da allura” ba tare da an faɗi wa zai ba da ita, nawa, da ƙarfe nawa ba. Ta ɗauki takarda ta ja layi a ƙarƙashin kowane aiki da jimlar ta ambata: kawowa, kafawa, biyan kafin-alƙalami, shirya wuri, cire kuɗi, sanarwa, gyara, biyan ragowa. Ayyuka takwas ke nan a ciki guda. Kowanne ta ba shi layinsa, ta yi masa tambaya huɗu: wa zai yi, me zai yi, yaushe, kuma me zai biyo baya idan bai yi ba.

Tambayar farko ce ta fi tona asiri. A cikin takwas ɗin, biyu kawai aka ambaci mai yin su. Sauran duk “an” ne da “za a”. “Matuƙar an shirya wurin”: wa zai shirya? A ganinta aikin injiniya ne ya duba rufin ya ƙarfafa shi, tunda shi ya san nauyin farantansa. Da ta kira shi washegari, ya ce, “A'a, Likita, rufi ai naki ne. Ni dai in zo in tarar da inda zan ɗaura.” Kwanon ɗakin haihuwar ya tsufa, kuma kafinta ya riga ya ce sai an sauya wasu katakan. Kuɗi ne da babu wanda ya saka a lissafinsa, kowa yana zaton na ɗayan ne.

Sai maganar kwana talatin. Jimlar ta ce daga ranar yarjejeniya, amma ta rataya shi a kan biyan kuɗi da shirya wuri. Likitar ta gwada da kalanda. A ce sun sa hannu ranar 3 ga Maris, ta biya ranar 10, kafinta ya gama rufi ranar 24. Idan ƙirga ta fara daga sa hannu, wa'adi ya cika ranar 2 ga Afrilu. Idan daga biya ne, 9 ga Afrilu. Idan daga shirya wuri ne, 23 ga Afrilu. Mako uku ke tsakanin na farko da na ƙarshe, kuma kowanne ana iya kare shi da kalmomin jimlar. Idan kuwa injiniyan ya ce kwanakin aiki yake nufi, ban da Asabar da Lahadi, talatin ɗin sun zama mako shida.

Kashi ɗaya cikin ɗari ma bai faɗi na mene ne ba. Na dukan kuɗin, naira 180,000 ne a mako. Na ragowar da ke hannunta, naira 72,000. Jinkirin mako shida zai iya zama 1,080,000 ko 432,000, gwargwadon wanda ya fi iya jayayya. “Kammalawa” kuwa, a wajen injiniya ranar da ya ɗaure waya ta ƙarshe ce, a wajenta ranar da ta ga fitilun tiyata da firjin magani sun kwana a kan batir ba tare da sun ɗauke ba.

Har zuwa nan ba ta bukaci lauya ba, kuma da ta kai masa takardar a wannan mataki, da tambayoyin nan zai dawo mata da su, domin ba tambayoyin shari'a ba ne. Ciniki ne da ba a gama ba. Ita da injiniyan suka zauna a ofishinta suka gama shi. Sabon sashen ya fito da gajerun jimloli, kowace da mai aikinta a gaba. Mai asibiti za ta biya miliyan 10.8 cikin kwana bakwai da sa hannu. Mai asibiti za ta gyara rufin bisa ma'aunin da ɗan kwangila zai ba ta a rubuce, ta kuma sanar da shi a rubuce ranar da aka gama. Ɗan kwangila zai kafa kayan cikin kwana talatin na kalanda daga ranar da ta zo daga baya, ranar biya ko ranar sanarwar rufi. Aiki ya kammala idan na'urar ta ɗauki kayan da aka lissafa a rataye na tsawon awa 72 ba yankewa, su biyun suka sa hannu a takardar gwaji. Ragowar kuɗi cikin kwana bakwai bayan haka.

A wurin cire kuɗi ne ta yi abubuwa uku da ta ɗauka gyaran harshe ne. Ta ɗaga kashi ɗaya zuwa biyar na dukan kuɗin, don injiniyan ya ji tsoro. Shi kuma ya nemi a yi wa abin iyaka, kada jimillarsa ta wuce kashi goma, ta amince. Sannan ta goge “ba tare da tauye sauran haƙƙoƙin mai aiki ba”, don ta ga kamar surutun lauyoyi ne, ta rubuta a madadinsa: “Wannan shi ne abin da ɗan kwangila zai biya saboda jinkiri.” Jimlar ta yi kyau, yaro ma zai gane ta.

Yayanta ne ya matsa mata ta nuna wa lauya kafin ta sa hannu. Ta tura wa lauyan tsohon sashen da sabon, da sauran shafukan duka. Bai taɓa ko ɗaya daga jimlolin biya da rufi da gwaji ba. A kan layukan nan uku ya tsaya.

“Likita, nawa kike asara a mako idan aikin ya makara?” Ta ce kuɗin dizal, wajen 200,000. Ya ce kashi biyar naira 900,000 ne, ya ninka asararta fiye da sau huɗu. Kotunan Najeriya, bisa ƙa'idar da suka gada daga shari'ar Ingila, wadda aka fi dangantawa da hukuncin Dunlop na 1915, suna bambanta diyyar da aka ƙiyasta tun farko bisa asarar da ake tsammani da tarar da aka saka don tsoratarwa. Ta farko suna zartar da ita yadda aka rubuta. Ta biyu suna iya ƙin zartarwa, su ce mai ƙara ya je ya tabbatar da ainihin asararsa. Kashi ɗayan da ta raina, naira 180,000, shi ne ya yi kusa da kuɗin dizal, don haka shi ya fi ƙarfi a gaban alƙali. Ya ce ta mayar da shi, ta kuma adana rasitan mai.

Na biyun ya fi nauyi. Da iyakar kashi goma a kan kashi ɗaya a mako, diyya za ta tsaya a mako na goma, a naira miliyan 1.8. “To a mako na goma sha ɗaya fa?” in ji shi. Miliyan 10.8 ɗinta suna hannun injiniya, jinkiri ya daina ci masa ko kwabo, kuma jimlar da ta rubuta da hannunta ana iya karanta ta da cewa diyyar ce kaɗai haƙƙinta. Kalmomin da ta goge su ne suka bar mata ƙofar soke kwangila da neman kuɗinta. Ba ta ga haka ba domin nauyinsu ba a cikin ma'anarsu ta yau da kullum yake ba, yana cikin yadda kotuna suka saba karanta su. Lauyan bai dawo da su yadda suke ba. Ya rubuta abin da suke karewa a fili: idan jinkiri ya kai mako goma, mai asibiti na iya soke yarjejeniyar da sanarwar kwana bakwai, ɗan kwangila ya mayar da kafin-alƙalami bayan an cire ƙimar kayan da ta zaɓi ta riƙe. Ya ƙara da shawarar ta nemi takardar lamunin banki a kan miliyan 10.8 ɗin, domin alkawarin mayar da kuɗi daga wanda ya riga ya kashe su takarda ce kawai.

Akwai kuma abin da ba zai yiwu a gani daga cikin sashe na bakwai ba. Sashe na goma sha biyu, can a shafi na huɗu, ya taƙaita alhakin ɗan kwangila ga “abin da aka tanada a sashe na 7”. Da ta faɗaɗa sashe na bakwai ta raba shi gida-gida, wannan ishara ta koma nuni ga wani abu dabam da wanda aka nufa da farko. Lauyan ya daidaita su biyun. Ya kuma ce sa'arta ɗaya ba ta riga ta sa hannu ba, domin bayan sa hannu fassarar da mutum ya rubuta wa kansa ba ta ɗaure kowa, sai an yi takardar gyara da ɓangarorin biyu suka rattaba wa hannu.

Injiniyan ya karɓi komai ban da lamunin banki. Ya ce bankinsa zai riƙe masa kuɗi daidai da adadin, ya rasa abin sayen batura. Suka yi ta kai da komowa kwana biyu, daga ƙarshe aka raba kafin-alƙalamin gida biyu: miliyan 5.4 a farko, sauran miliyan 5.4 ranar da farantai da batura suka sauka a harabar asibitin, kuma daga ranar kayan sun zama mallakinta. Lauyan ya duba wannan jimlar ita ma, ya ƙara cewa a rubuta lambobin da ke jikin baturan a takardar karɓa. Suka sa hannu da yammacin wata Alhamis, kafinta kuma ya hau rufin ranar Asabar.