Mako Guda da Gemun Ango

Asabar

Ƙanin abokina ya zo shago da hantsi, kamar yadda muka yi da shi. Ranar Juma'a za a ɗaura masa aure a nan Gagarawa, kuma tun watan jiya na hana shi kusantar reza. Gashin gemu yana ƙara kusan santimita ɗaya ne a wata, don haka wanda ya yanke wa gemunsa hukunci bayan kwana goma bai ga komai ba tukuna. Wani gurbin jinkirin tsiro ne kawai.

Na fito da shi bakin ƙofa inda haske yake, domin fitilar shago tana ɓoye abubuwa. Na wanke fuskar, na bari ta bushe, na taje gashin ƙasa. Haɓarsa cike take, gashi baƙi ƙirin mai kauri. Gashin baki ma ba laifi. Matsalar tana kumatu: a dama akwai wuri mai faɗin babban yatsa tsakanin saje da muƙamuƙi inda gashin ya yi tsilli-tsilli, a hagu kuma gashin baki bai haɗu da gemu ba.

Ya ce, "Yaya, a aske duka ne ya fito da kauri?"

Na ce masa aski ba ya ƙara ko sili ɗaya. Reza tana yanke gashi a inda yake da kauri, sai tsinin ya yi kaushi, mutum ya zaci ƙaruwa ya yi. Yawan saiwar gashi gado ne, kuma da yawa gemunsu bai gama cika ba sai sun doshi shekara 30. Shi kuwa bai kai can ba. Yau ban yanke komai ba.

Lahadi

Yau ne babban aikin. Abin da ke tona gurbi shi ne gashin da ke kewaye da shi. Idan haɓa ta yi duhu sosai, kumatu suka yi fayau, ido yana faɗawa kan bambancin nan take. Tunda ba ni da ikon ƙara gashi a inda babu, sai in rage duhun maƙwabtansa har bambancin ya lafa.

Matajin robar da ake sa wa kilifa a baki yana da lamba. Lamba 1 tana barin kamar milimita 3, lamba 2 milimita 6, lamba 3 kusan milimita 10, lamba 4 kuma 13. Na fara da lamba 4 a ko'ina, ina bin kwanciyar gashin, don in ga abin da zai bayyana. Kullum daga mai tsawo ake farawa, domin abin da aka yanke ba ya dawowa kafin Juma'a. Haɓa na bar ta haka, na ɗauke silin da suka yi tsaye da almakashi kawai. Muƙamuƙi na bi shi da lamba 3. Daga tsakiyar kumatu zuwa saje na sauko lamba 2, a can sama kusa da kunne na shiga da lamba 1 har ya narke cikin askin kansa. Yanzu gurbin dama ya faɗo a yankin da gashi dama yake raguwa, sai ya zama kamar da gangan aka yi.

Wuri ɗaya na tsallake. Silin da ke saman gurbin kai tsaye na bar su da ɗan tsawo, don su kwanta a kansa idan an taje. Wannan dabara tana aiki ne a ƙaramin gurbi. In ya fi yatsu biyu faɗi, gashin da aka kwantar yana tashi da iska ta farko, kuma kowa zai gane.

Ya tambaye ni ko ragewar ba ta saɓa sunna ba. Na gaya masa abin da muka karanta a Risala, cewa Imamu Malik bai ga laifi ba a rage tsawon gemu idan ya yi yawa. Na ce sauran bayani ya nema wurin malaminsa, shi ya sa ma na bar haɓar da cikarta.

Litinin

Ango bai zo ba. Wani magidanci daga wajen Sule Tankarkar ne ya zauna, ya nuna mini wani fili a gefen haɓarsa, zagayayye, sumul, babu ko ɗigon baƙi a ciki. Ya ce watanni kaɗan da suka wuce wurin cike yake. Wannan ba irin na ango ba ne. Gurbin gado yana nan tun farko, kuma in ka duba da kyau za ka ga siraran gashi a ciki. Wanda ya zube farat ɗaya ya bar fata tana sheƙi ciwo ne na garkuwar jiki, ba ya yaɗuwa zuwa ga wani, sau da yawa ma gashin yana dawowa. Idan kuwa wurin yana ƙaiƙayi, yana garin fata ko ƙuraje masu ruwa, makero nake zargi, shi kuma kilifa tana ɗaukarsa. Magidancin ya shafa tafarnuwa har fatar ta ƙone ta yi duhu, abin ya ba ni tausayi. Na roƙe shi ya daina, ya je asibiti a Gumel a duba shi.

Talata

Layi. Yawancin samari suna son a ja musu layin kumatu can sama, miƙaƙƙe, da kaifi. A gemu mai gurbi wannan shi ne mafi muni, domin layi mai kaifi yana zama iyaka, duk abin da ya rasa cika a cikinta sai ya fito fili. Na nemi inda gashin ango ya fara kauri na gaske, na sauko da layin can, da ɗan lanƙwasa daga saje zuwa kusurwar baki. Gefen dama mai rauni na fara yi, sannan na daidaita hagu da shi. Da na fara da gefe mai kyau, dama ba zai taɓa kamo shi ba.

A wuya na aza yatsu biyu saman maƙogwaro, na share abin da ke ƙasa. Ban hau da layin kan ƙashin muƙamuƙi ba, domin gashin ƙarƙashin haɓa shi ke ba gemu inuwa da cika idan an kalle shi ta gaba. Inda gashin baki bai haɗu ba kuwa, na share 'yan silin da ke wurin a hagu, na buɗe daidai da shi a dama.

Laraba

Hunturu ya sauko da ƙura. Ya leƙo da gemun ya yi furu-furu, gurbin ya ɗan dawo. Bushewa ce: busasshen gashi yana nannaɗewa ya tattare wuri guda, fata ta bayyana. Man kaɗanya kamar ƙwayar gyaɗa, a narkar a tafin hannu, a murza har fata, a taje ƙasa. Cikin minti biyu ya kwanta.

Alhamis

Ya je kasuwar Maigatari sayayyar biki, ya dawo da kwalbar man da aka ce yana tsirar da gemu, da ƙullin baƙin rini. Man ba zai tsirar da saiwar da babu ita ba, amma zai tausasa wadda ke nan, sai na ce ya riƙe. Rinin ne na ƙi. Yana ƙara wa haɓa duhu, wato ya rushe aikin Lahadi, yana kama fata ya bar tabo, kuma wasu fuskarsu tana kumbura da shi bayan kwana ɗaya ko biyu. Ba abin gwadawa ba ne ana gobe ɗaurin aure.

Juma'a

Ya zo da sassafe. Sabuwar reza na buɗe a gabansa, na share tsiron wuya da na saman layin kumatu, ban ƙara matsawa ciki ba ko kaɗan. Na sa shi ya taka baya har bakin titi, na dube shi daga nesar da mutane za su gaisa da shi. Gemun ya tafi bai ɗaya daga haɓa zuwa saje. In an matso sosai gurbin dama yana nan, na kuma gaya masa haka.

"Yaya, yaushe zan dawo?"

Na ce layin wuya duk mako, tsawon kuma bayan mako biyu. Bayan biki ina so mu gwada barin kumatun a lamba 3, mu ga ko siraran gashin nan na dama sun fara yin kauri.